Saƙon Tuni Kafin Biki: Mutum Nawa, Wace Mota, Ina Za A Kwana?

Katin gayyatar biki a ƙasar Hausa tafiya ɗaya yake yi. Yakan fita daga gidan masu biki ya isa hannun jama'a, ya faɗa musu rana da wuri, amma ba ya komowa da labari. Wanda ya karɓa zai ce, "Allah ya sanya alheri, Allah ya kai mu," kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Sai dai addu'a ya yi. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba, bai faɗi ko shi kaɗai ne ko da iyali ba. Uwar biki da ta ji irin wannan amsa daga gida arba'in tana nan inda take, ba ta san katifa nawa za ta aro ba.

A da wannan bai zama abin damuwa ba. Dangi suna gari ɗaya, in ma sun yi nisa to ƙauyukan kewaye ne. Wanda dare ya yi masa sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, mata kuma su cika ɗakunan cikin gida. Yanzu zuri'a ɗaya ta bazu tsakanin Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi. Gidajen birni sun ƙanƙance, motar shata sai an ba da kafin alƙalami, ɗakin otal sai an kama tun da wuri, wasu wuraren dina ma ba a shiga sai da kati. Duk waɗannan da lissafin kawuna ake yin su. Abin da ke samo wannan lissafi shi ne ɗan gajeren saƙon da ake turawa baƙi ana saura kwanaki, wanda ake tuna musu biki a kuma tambaye su abu uku: su nawa ne, yaya za su zo, ina za su kwana.

Don maganar ta zauna sosai, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi cikin Kano zai aurar da 'ya. Kamu ranar Juma'a 13 ga Disamba da yamma, ɗaurin aure Asabar 14 ga wata da ƙarfe 11 na safe, kai amarya a daren ranar, baƙi su watse Lahadi. An riga an raba kati tun wata guda da ya wuce. A cikin waɗanda aka gayyata akwai gida arba'in da ke wajen Kano, mafi yawansu a Kaduna, wasu a Abuja, kaɗan a Maraɗi.

Wa za a tura wa, kuma yaushe

Ba kowa ne ke buƙatar wannan saƙo ba. Maƙwabta da abokan kasuwa da jama'ar masallaci za su zo ɗaurin aure su yi addu'a su koma gidajensu, kuma ba wanda ke ƙirga masu halartar ɗaurin aure. Tambayar irin waɗannan ko za su zo ma abin kunya ne. Saƙon na mutanen da zuwansu ke cin kujerar mota ko shimfiɗa ne, wato gidaje arba'in ɗin nan na nesa. Da zarar an tsaya a kansu, aikin ya ragu ya zama abin da mutum ɗaya zai iya riƙewa a littafi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ana saura kwana goma. A misalinmu, Laraba 4 ga Disamba ke nan. In aka tura ana saura wata guda, mutane ba su san halin da za su kasance ba, sai su sake yin addu'a su ajiye waya. In aka bari sai ana saura kwana uku, amsar za ta zo amma ba ta da sauran amfani, domin direbobi sun riga sun karɓi wasu ayyuka, kuma a watan Disamba da bukukuwa suke yawa ɗakunan kwana kan yi wuya a gari. Kwana goma yana ba ma'aikaci damar neman izini a wurin aiki, yana ba matar aure damar yin magana da maigidanta cikin natsuwa, yana kuma bar wa masu biki mako guda na aiki da abin da suka ji.

Dole a yanka ranar rufe amsa, a kuma rubuta ta da sunanta da kwanan watanta. A nan Lahadi 8 ga wata ta yi, domin a ƙarshen mako ne iyali ke haɗuwa su yanke shawarar wa zai je, wa zai zauna da yara 'yan makaranta. Kalmomi irin su "da wuri" ko "nan ba da jimawa ba" ba sa tayar da kowa. Haka "jibi" da "gata" da "Asabar mai zuwa": saƙon waya yakan kwana biyu ba a buɗe shi ba, ko a tura wa wani bayan kwana uku, sai jibin mai rubutu ta zama daban da jibin mai karatu.

Abin da saƙon zai ƙunsa

Ga yadda saƙon farko zai iya kasancewa, daga yayan amarya zuwa ga ƙanin mahaifiyarsu da ke Kaduna:

"Assalamu alaikum Kawu, da fatan kuna lafiya da iyali. Muna tuna muku ɗaurin auren 'yarku, Asabar 14 ga Disamba, ƙarfe 11 na safe, a Masallacin Umar bin Khaɗɗab da ke Dangi, Kano. Don mu kintsa, a taimaka a sanar da mu kafin daren Lahadi 8 ga wata:
1. Mutum nawa za su zo daga gidanku, maza nawa, mata nawa, yara nawa?
2. Za ku bi motar da muka ɗauka daga Kaduna ranar Juma'a, ko da taku za ku zo?
3. Mu tanadar muku masauki, ko kuna da inda za ku sauka? Kwana nawa za ku yi?
In uzuri ya hana ba komai, a dai faɗa mana, addu'arku ta wadatar. A amsa ta wannan lambar. Allah ya bar zumunci."

Kowane layi a nan yana da aikinsa. Gaisuwa da kiran mutum da sunan dangantaka su ne ke sa ya ji da shi ake magana. Saƙon da ya fara da "'yan uwa da abokan arziki" na kowa ne, kuma abin da yake na kowa ba wanda ke jin nauyin amsa shi. Cewa "'yarku" kuma yana mayar da Kawu cikin masu biki, ya daina zama baƙon da ake yi wa tambayoyi.

Tambayar farko ba "za ku zo?" ba ce. Wannan tambaya amsarta ɗaya ce a bakin Bahaushe, wato "in sha Allahu". Amma wanda aka tambaya mutum nawa dole ya tsaya ya ƙirga. An raba maza da mata da yara ne saboda ba wuri ɗaya za su kwana ba, kuma yaro ɗan shekara takwas kujera yake ci a mota ko da uwarsa ba ta sa shi a lissafi ba.

Tambaya ta biyu da ta uku zaɓi biyu-biyu aka bayar, don mutum ya iya amsawa da kalma kaɗan yana tsaye a bakin shago. Da an rubuta "ku sanar da mu tsarinku na tafiya da masauki", da an ba shi aikin zama ya tsara jawabi, kuma irin wannan aiki ne ake cewa sai an jima.

Layin uzuri shi ne mafi amfani a saƙon duka. Amsa gayyata hakki ne da Musulmi ya taso da saninsa, ga kuma nauyin zumunci, saboda haka mutum ya gwammace ya yi shiru da ya buɗe baki ya ce ba zai zo bikin 'yar ɗan'uwansa ba. Shirun nan kuwa shi ke sa a biya kujerar da ba wanda zai zauna a kai. In masu biki da kansu suka buɗe masa ƙofa, suka nuna ba za a riƙe shi a zuci ba, zai faɗi gaskiya cikin sauƙi.

Lamba ɗaya ce za ta karɓi amsa. In aka sa lamba uku, ko aka bar kowa ya faɗa wa wanda ya ga dama, to Gwaggo za ta gaya wa uwar amarya a tsakiyar wata hira, uwar amarya tana fama da 'yan jere ta manta, ranar Juma'a a ga mutum huɗu da ba su cikin littafi. Mai riƙe lambar bai kamata ya zama amarya ko ango ko iyayensu ba, domin wayoyinsu ba sa hutawa a wannan mako. A samu yaya ko ƙanwa mai haƙuri wadda ta san dangi, a ba ta littafi. Duk wanda aka faɗa wa wani abu a gefe, ya miƙa mata nan take.

Akwai kuma abubuwan da ba su da wuri a wannan saƙo. Tarihin ango, jerin sunayen iyaye, hoton anko, lambar asusun gudummawa, duk suna da nasu lokacin. In aka cusa su a nan, tambayoyin uku sukan nutse, mutum ya yaba kyan atamfa ya wuce. Lambar asusu ma tana da wata illar: masu sace WhatsApp ɗin mutane da irin wannan saƙo suke neman kuɗi a wurin dangi, don haka saƙon da ya haɗa gayyata da neman a tura kuɗi yakan sa mai hankali ya yi ɗari-ɗari da shi.

Daga amsa zuwa lissafi

A ce daren Lahadi ya yi, gida 26 sun ce suna tafe, gida 5 sun ba da uzuri, gida 9 shiru. Waɗannan taran ba a sake tura musu rubutu. Ranar Litinin a kira su ɗaya bayan ɗaya, domin mai shiru ko dai bai ga saƙon ba, ko ba ya karatun boko, ko yana jin nauyin faɗin uzurinsa, kuma dukkan ukun murya ce maganinsu. A ce kiran ya samo gida 4 masu zuwa da 3 masu uzuri, 2 kuma wayarsu ba ta shiga. Yanzu an san gida 30 ne ke tafe, kuma da aka tara abin da suka faɗa sai aka samu mata 34, maza 18, yara 15.

A nan ne amfanin tambayar kawuna ke fitowa. A ce gida 14 na Kaduna suka zaɓi motar haɗaka. Wanda ya ƙirga gidaje zai ce bas ɗaya mai kujera 18 ta isa har da saura. Amma da aka ƙirga mutane sai ga 31, manya da yara. Kuma bas mai kujera 18 ba ta ɗaukar 'yan biki 18 cikin daɗi, domin kowace mace tana da akwati, ga kayan gudummawa, ga kuloli. In aka bar kujera biyu don kaya, kowace bas mutum 16 za ta ci, wato bas biyu ke nan, da kujera ɗaya rak ta rage. Mai hankali zai nemi wani daga cikin masu zuwa da motarsu ya bar gurbi biyu ko uku, saboda gidajen nan biyu da ba a samu ba, da kuma 'yar rakiyar da wata za ta taho da ita ba ta faɗa ba.

Masauki ma haka ake warware shi. A ce manya 12 da yaransu 4 sun ce suna da 'yan uwan da za su sauka wurinsu. Saura mata 26 da yara 11 da maza 14. Gidan biki zai ɗauki wasu matan, maƙwabciya ta ba da falonta, amma tsofaffi da masu jego a kai su gidan wata gwaggo da ba hayaniya, inda banɗaki yake kusa kuma ba hawa bene. Daga cikin maza, a ce shida sun ce za su kama otal da kuɗinsu, takwas kuma a ba su ɗaki huɗu, bibbiyu. Tambayar "kwana nawa" ita ke hana a biya daren Alhamis ga wanda sai Juma'a zai iso, ko a saki ɗaki ranar Lahadi alhali mai shi sai Litinin zai tafi. Yawancin otal-otal da tsakar rana suke son a fita daga ɗaki, don haka wanda motarsa sai yamma za ta tashi yana buƙatar inda zai ajiye kaya ya jira.

Maganar da ta fi jawo ɓacin rai ita ce ta kuɗi, kuma rashin faɗa ne ke jawo ta. "Mun kama muku ɗaki" tana iya nufin an biya, tana iya nufin an sa suna kawai. Baƙon da ya ɗauka an biya, ya zo fita aka miƙo masa takardar kuɗi, ba zai yi magana ba, amma zai daɗe bai manta ba. Baƙonka annabinka, gaskiya ne, sai dai wanda ba shi da halin biya wa kowa ba laifi ya yi ba. Laifin shi ne barin abin a dunƙule. A rubuta a fili: "an biya kwana biyu", ko "mun sa sunanku, kuɗin kwana kaza ne, a can za ku biya". Haka kuɗin mota: ko masu biki ne suka ɗauka, ko karo-karo ne, a faɗa tun a saƙo, ba sai an zo shan mai a Zariya ba.

Saƙo na biyu

Ana saura kwana biyu ko uku, wato Laraba 11 ga wata, sai a tura saƙo na biyu ga masu zuwa kaɗai. Wannan ba tambaya a cikinsa. Kowane gida ana faɗa masa nasa tsarin ne:

"Gwaggo, barka da yamma. Ga tsarin tafiyarku: ku uku da yaro ɗaya, kuna mota ta biyu. Za a haɗu a ƙofar gidan Baba da ke Kawo, Juma'a 13 ga Disamba, ƙarfe 7 na safe, mota za ta tashi 7:30. An biya kuɗin mota zuwa da komawa. Masaukinku gidan Inna a Gyaɗi-Gyaɗi, kwana biyu. Ana sanyi, a taho da bargo. Komawa Lahadi ƙarfe 10 na safe. Ga lambar direba da ta wadda za ta tarbe ku a ƙasa."

An maimaita mata adadin da ta bayar ne don in ya canza ta yi magana yanzu. An ba da lokaci biyu, na haɗuwa da na tashi, domin in aka ba da ɗaya kowa zai ɗauke shi a matsayin lokacin fitowa daga wanka. Tashin safe kuma ba don takura ba ne. Kaduna zuwa Kano tafiyar fiye da kilomita 200 ce, kuma ranar Juma'a tituna da dama a Kano sukan cushe ko a tare su a kusa da masallatai idan lokacin salla ya gabato. Motar da ta bar Kawo da 7:30 tana da damar shigowa ta Na'ibawa kafin wannan cunkoso, mata su huta kafin kamu, maza su samu salla. Wadda ta tashi da ƙarfe 11 za ta iso ana tsakiyar kamu, da mutane a gajiye. Ban da haka, mutane da yawa yanzu ba sa son dare ya yi musu a manyan hanyoyi, saboda haka lokacin komawa ma a sa shi da hantsi.

Lokacin komawa shi ne abin da aka fi mantawa. Masu biki sukan zuba duk ƙarfinsu a kan kawo mutane, ranar Lahadi kowa ya gaji, direba ya ce shi zuwa kawai aka yi da shi, sai a ga tsofaffi a tasha da akwatuna. Haka zirga-zirgar cikin gari. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, a 2022 kuma gwamnatin jihar ta sanar da hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Baƙuwar da aka tashi daga kai amarya da ita da daddare ba ta san gari ba, kuma abin hawa na iya yi mata wuya. Layi ɗaya ya isa: "motar da ta kai ku ita za ta mayar da ku masauki."

Ga masu zuwa da motarsu, kwatance ya fi lambar gida amfani, domin lungunanmu da yawa ba su da allon suna. A faɗi babban titi, a faɗi alamar da ba ta motsi kamar masallaci ko gidan mai ko makaranta, a faɗi kwana ta nawa, hagu ko dama. In an haɗa da alamar taswira ta waya, to wanda ke tsaye a ƙofar gidan ne zai tura ta, ba wanda ke zaune a ofis ba. Masu zuwa ta jirgin sama kuma a tambaye su lokacin saukarsu a filin jirgin Malam Aminu Kano, a kuma sani cewa hazon hunturu kan jinkirta jirage, don haka mai tarba ya jira kira kafin ya fito.

'Yan uwa na Maraɗi da za su biyo ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina suna da tasu buƙatar. Lambar da za a ba su a rubuta ta da +234 a gaba, a cire sifilin farko, in ba haka ba kiran ba zai shiga daga layin Nijar ba. Kuma da zarar sun tsallako iyaka, mai yiwuwa ba su da intanet a wayarsu. Saboda haka kwatance da lambobi su isa gare su a rubuce tun suna gida, ba a taswirar da sai an buɗe ta da data ba. A tuna musu katin shaida, su kuma tambayi direbobin tasha halin da iyaka take ciki kafin ranar, domin an ga yadda aka rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024.

Ta wace hanya za a tura

Mafi yawan mutane WhatsApp za su ɗauka, kuma a nan akwai tarko biyu. Na farko shi ne buɗe zaure a zuba kowa a ciki. Mutum na farko zai rubuta "Allah ya sanya alheri", na biyu ya sa hoton fure, kafin magariba an yi addu'a tamanin, tambayoyin sun haye sama inda ba mai komawa. Ga shi kuma ba wanda zai so ya faɗi a gaban dangi duka cewa ba shi da kuɗin mota. In har za a buɗe zaure, a saita shi yadda masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu, a riƙa amfani da shi don sanarwa, amsa kuwa ta zo a keɓe.

Tarko na biyu shi ne New broadcast, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa kowa ya same shi shi kaɗai. Yana ɗaukar har mutum 256, amma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai turawa a wayarsa. Ƙanwar amarya da aka ba riƙon littafi, dangi nawa ne suke da lambarta? Sai ta tura ta zauna jiran amsa, alhali rabin mutane ba su ga komai ba. Gida arba'in ba su da yawa. A kwafi saƙon, a canza gaisuwa da sunan gari, a tura wa kowa kai tsaye. Alamar da ta nuna an karanta ma ba amsa ba ce, kuma wasu sun kashe ta gaba ɗaya.

Ga masu ƙaramar waya, saƙon tes ne hanya, kuma yana da nasa ƙa'idar. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in baƙaƙen boko ne na yau da kullum. Amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko da ɗaya, wato ƙ ko ɗ ko ɓ, ko wani ɗan hoton murmushi, sai ma'aunin ya sauko zuwa 70. Saƙo mai harafi 150 da zai tafi a matsayin ɗaya sai ya koma uku, kuɗin ma ya ninka uku, wasu tsofaffin wayoyi kuma su nuna akwati a gurbin harafin. A tes kawai, gara a rubuta k da d da b, a gajarta magana, a bar tambayoyin uku da ranar rufewa.

Wanda ba ya karatun boko a aika masa saƙon murya da bai kai minti ɗaya ba, a faɗi rana da lokaci sau biyu a hankali. Amma lambar waya da kwatance su biyo baya a rubuce, domin direba ba zai tsaya a gefen titi yana sauraren murya yana neman inda aka ambaci kwana ba.

Akwai kuma waɗanda ba a tura wa saƙo sam. Kakanni, yayyen uba, malamin gida, waliyyi, surukai: waɗannan ana zuwa ne a durƙusa a gaishe su, in nisa ya hana a kira, kuma babba ne zai kira, ba yaro ba. Ba a tambayar dattijo "ku nawa ne" ko a yanka masa ranar amsa. Shi ana sanar da shi ne a nemi albarka, lissafin kuwa a yi shi da ɗansa ko 'yarsa: "Yaya, Baba da wa zai taho, kuma gidan wa ya fi son sauka?" A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowace a aika mata nata, bayan an sanar da maigida. In aka faɗa wa uwargida kaɗai da fatan za ta isar, amarya na iya cewa ita ba a gayyace ta ba, kuma tana da hujja.

Abu na ƙarshe da ya kamata a kiyaye shi ne inda saƙo na biyu zai tsaya. Katin biki ana iya sa shi a status kowa ya gani. Amma lokacin tashin mota, hanyar da za a bi, da gidan da mata za su kwana da gwalagwalansu, na masu tafiyar ne kaɗai. A rubuta a ƙasan saƙon cewa kada a tura wa kowa.

Ko an yi duk wannan, lissafin ba zai fito daidai cif ba. Wani zai ce yana tafe rashin lafiya ta hana shi, wata ta ce ita kaɗai ce ta iso da 'yar maƙwabta. Ba kuma za a mayar da kowa daga ƙofa ba, domin ba haka muke biki ba. Bambancin shi ne gidan da ya tambaya zai wayi gari ranar Juma'a da mutum uku ko huɗu da bai zata ba, waɗanda katifa biyu na ajiya za su ishe su. Gidan da bai tambaya ba kuwa bai san ko ashirin ne za su ƙaru ko ashirin za su ragu ba, sai dai ya yi ta kashe kuɗi a kan zato. Littafin da aka rubuta sunaye da lambobi da adadin kowane gida kuma kada a yar da shi bayan biki. Da shi za a bi mutane da godiya da ban-gajiya ranar Litinin, kuma in bikin ƙanwa ya taso, an riga an san gidan da ke zuwa da mutum shida da wanda ke turo wakili ɗaya.